Takardar Kiran Masu Neman Aiki Ita Ma Jarrabawa Ce

Jama'a, yau muna so mu yi magana ne da akawuna da shugabannin makarantu a kan wata 'yar takarda wadda aka raina, watau takardar da ma'aikata ke aika wa mutanen da ta zaɓa daga cikin masu neman aiki, don su zo a gana da su. Sau da yawa abin da a kan rubuta bai wuce wannan ba: "Ana nemanka ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, ka zo da dukan takardunka." Ko da kan sarki aka aika ta ko ta wayar hannu, irin wannan takarda rashin adalci ce. Ra'ayinmu shi ne, duk takardar kiran da ba ta faɗi abu huɗu ba, ba ta cika ba: yadda za a yi ganawar, da lokacinta, da takardun da za a riƙo, da mutanen da za a tarar.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata makarantar sakandare a Zariya tana neman malaman lissafi uku, ta tace takardu ta zaɓi mutum 12. An shirya kowa zai koyar da darasi na minti 10, ya amsa tambayoyi na minti 15, sa'an nan masu ganawa su ɗauki minti 5 su ba da maki. Kowane mutum rabin sa'a ke nan, su 12 kuwa sa'a shida. To, in an ce duka su hallara da ƙarfe takwas, aka fara da tara, na ƙarshe ba zai shiga ba sai ƙarfe biyu da rabi, ko da ba a tashi salla ko cin abinci ba. Ya yini bisa benci da yunwa, ya shiga a gajiye, a gwada shi da wanda ya shiga da sanyin safiya, a ce ba shi da kuzari. Ashe ba lissafinsa aka auna ba, haƙurin cikinsa aka auna.

Maganin wannan yana hannun akawu. Ya raba wa kowa lokacinsa: mutum takwas daga ƙarfe tara zuwa ɗaya, a tashi salla da abinci, sauran huɗu daga biyu zuwa huɗu. Wanda zai taso daga nesa, kamar Nguru ko Yola, a ba shi lokacin rana. A aika takardar da saura mako biyu, domin mai aiki a wani wuri ya nemi izini, marar aiki kuma ya nemi kuɗin mota. A rubuta sunan rana tare da kwanan wata, a kuma duba kalanda kafin a sa hannu, gama akawu ya kan rubuta Talata alhali kwanan watan Laraba ne, mutane su rabu biyu. In da hali, a kauce wa Jumma'a.

Game da yadda za a yi ganawa, wasu shugabanni su kan ce gara a ɓoye, wai a nan ne a ke gane mai kaifin basira. Mu ba mu yarda ba. Malamin kirki ba ya shiga aji sai ya shirya darasi, don me za a auna shi da abin da aikinsa ya hana? A gaya masa ajin da zai koyar, da kan darasi, da ko akwai allo da alli, da harshen da za a yi magana da shi. In akwai rubutacciyar jarrabawa, a faɗi tsawonta. Sa'an nan kowa ya zo da shirinsa, bambancin da aka gani tsakaninsu na ƙwarewa ne.

Takardu kuwa, a lissafa su ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu ana bukatar shaidar NCE ko digiri, da sakamakon WAEC ko NECO, da shaidar rajistar malanta, da shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru. Mai digiri ya haɗa da shaidar gama bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, ko takardar da ta ɗauke masa ita. A faɗi cewa za a duba na asali a mayar wa mai su nan take, kwafi kaɗai za a riƙe. Akwai kuma wani rami da a kan faɗa: sunan mutum a takardar sakandare ya saɓa da wanda ke takardar kwaleji, ko a rubutu ko a jeri. In takardar kira ta yi gargaɗi, sai ya je kotu ya yi rantsuwa tun da wuri. In ba ta yi ba, sai a mayar da shi daga bakin ƙofa bayan ya kashe kuɗin mota.

Saura batun waɗanda za a tarar, a nan ne a ke gardama. Ana cewa in an faɗe su an buɗe ƙofar kamun ƙafa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba da kyau. Mai uwa a gindin murhu ya riga ya san wanda zai zauna tun kafin a buga takarda. Wanda ɓoyewar ke cuta shi ne ɗan talaka da bai san kowa ba. Hanyar tsakiya ita ce a faɗi muƙami da adadi, a bar suna. A ƙara da cewa ba a biyan ko kwabo, domin 'yan damfara su kan aika irin wannan saƙo da sunan ma'aikatu su nemi kuɗin fom.

Ga yadda cikin takardar zai kasance:

"Bayan gaisuwa, ana sanar da kai kana cikin mutum 12 da aka zaɓa don ganawa a kan gurbin malamin lissafi, gurabe uku ne. Ka zo ofishin shugaban makaranta ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 10:45, za ka shiga da 11:00. Za ka koyar da lissafin kaso cikin ɗari ga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, da Turanci, minti 10, akwai allo da alli. Tambayoyi minti 15. Za ka tarar da mutum uku: shugaban makaranta, da shugaban sashen lissafi, da magatakarda. Ka riƙo takardun da aka lissafa a ƙasa, na asali da kwafi ɗaya ɗaya. Kuɗin mota a kanka ya ke. Ba a biyan kome don wannan ganawa. Ka amsa kafin ranar 10 ga wata, in kuma kana da uzuri ko lalura ka faɗa. Za a sanar da kowa sakamako cikin mako biyu."

Ba ta cika shafi guda ba, kuma ba ta bar abin tambaya ba. Akawun da ke so ya san ko tasa ta yi, ya miƙa wa masinja ya karanta, ya tambaye shi: ina za ka, yaushe, me za ka riƙe, wa za ka gani? In ya yi inda-inda ko a guda, a sake rubutu. Mutum tara daga cikin 12 ɗin nan za su koma gida ba aiki, abin da za su ba da labari a garuruwansu shi ne yadda aka karɓe su. Haza wassalam.