Mai sayar da ruwa a Madarunfa, ya nuna muna awonsa

Jama'a, inda wutar NIJELEK ba ta tsayawa kuma famfo bai kai ba, matasa ne suka toshe giɓin. Wani ya kafa pano da batir yana cajin salula, wani yana kawo itace daga dajin Baban Rafi ko yana saida gaz, wani kuma ya gina foraji da shato yana cika wa ƴan ga-ruwa bido. Duka sana'a ce ta halal. Sai dai akwai bambanci guda tsakaninsu. In caji bai cika ba, salularka za ta nuna maka. In itace ɗanye ne, hayaƙi zai tona shi. Amma ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ciwo. Shi ya sa muke cewa duk mai saida ruwan sha a Madarunfa ya riƙa sa masa kulorin, ya auna, ya kuma nuna awon.

Ba mu manta 2018 ba. A watan Yuli na waccan shekara cutar amai da gudawa ta ɓarke a yankin Madarunfa, kuma nan ne ta fi ɓarna a duk Nijar. Ruwan foraji mai zurfi yakan fito da tsabta, to amma daga nan sai ya ratsa shaton da ba a wanke ba, da tiyon da ke kwance ƙasa, da bido, da randa, da modar da kowa ke tsomawa. Kulorin da ya saura cikin ruwa shi ke tsare shi a duk wannan hanya.

Ga yadda ake yi. Ana narka giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, wajen babban cokali guda a shafe, cikin lita guda ta ruwa. Wannan ita ce uwar haɗi. A jera bokiti huɗu masu lita 20 na ruwan da za a saida, a ɗiga masu uwar haɗin da sirinji: mililita 1, da 1.5, da 2, da 2.5. A motsa, a jira minti 30. Sannan a ɗibi ruwan kowane bokiti cikin ƴar na'urar awo, a jefa ƙwayar DPD1. Ruwan zai koma ruwan hoda, sai a gwada launin da na jikin na'urar. Bokitin da ya nuna miligiram 0.5 a lita shi ne ma'auni.

Mu ɗauka na mililita 2 ne ya yi daidai. Shato mai lita 5,000 bokiti 250 ke nan, wato rabin lita na uwar haɗi, giram 7.5 na gari. Kilo guda zai yi shato sama da 130. Shi kuma shato guda bido 200 ne masu lita 25. Ko a dala biyar-biyar aka saida, jika biyar ke nan. To ina tsadar da ake fakewa da ita?

Akwai iyaka, kuma ya kamata a san ta. Ruwa mai laka, irin na tabki ko na gulbi da damina, yana cinye kulorin, dole sai ya kwanta an tace tukuna. Uwar haɗi tana sanyi in ta ga rana ko ta daɗe, don haka a aje ta cikin roba mai duhu a rufe, ban da gwangwanin ƙarfe. In aka zuba da ka ya yi yawa, wari zai kori mutane su koma rijiya, an yi ba a yi ba ke nan. Sannan kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya taɓa gishirin ƙasa. A Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi, ruwan forajin da aka sha tun tsakiyar shekarun 1980 yana da sinadarin fuluwo fiye da kima, ya ɓata haƙoran yara, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwansu. Saboda haka sabon foraji sai an kai ruwansa ɗakin bincike kafin a saida bido ko guda.

Wasu za su ce hakan zai ba ma'aikata ƙofar tatsar masu ƙaramin jari. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa ba tara muke kira a kafa ba. Muna kira ga ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan tsabta na likitar gunduma su koya wa masu foraji wannan awo kyauta, su kuma sauƙaƙa samun ƙwayar DPD1. Shi kuma mai foraji ya rataya allo bakin famfo, kowace safiya ya rubuta kwanan wata da sakamakon awo.

Ku kuma da ke saye, ko kuke aika wa iyaye kuɗin ruwa daga Maraɗi ko Yamai, ku tambaya: yaushe aka wanke shato, nawa awon yau ya nuna? Mai ruwan da ya amsa, shi za ku ba cinikinku.