Kuskuren fassarar hoton lacca: a fara duba karatu kafin a zargi mai fassara

Ɗalibin likitanci da ke zaune a layin baya yakan ɗaga waya ya ɗauki hoton abin da majigi ya haska, daga baya ya miƙa wa manhaja ta mayar masa da shi Hausa. Idan sakamakon ya fito da “al'adar jini” ko “tabon giram”, sai a ce injin fassara bai iya Hausa ba. Wannan hukunci rabinsa ne kawai gaskiya, kuma yana sa a nemi gyara a inda ba nan ɓarnar take ba.

Aiki biyu ne ake yi a jere, ko da yake manhaja irin Google Lens tana nuna su kamar ɗaya. Na farko injin karatu ne, wanda ke duban siffofin da ke cikin hoto ya mayar da su haruffa. Na biyu injin fassara ne, wanda ke karɓar haruffan da aka ba shi ya yi aiki da su yadda suka zo. Kowanne da irin kuskurensa.

A ɗauki shafin lacca kan cutar da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a cikin jini:

```
Blood culture: +ve
Gram stain: neg. rods
Gentamicin trough < 2 µg/mL
```

Hoton da aka ɗauka daga gefe, da hasken majigi yana wanke rubutun, zai iya sa injin karatu ya ga `µg` ya rubuta `mg`. Miligiram ɗaya ya ninka mikirogiram sau 1,000. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari a shafin, kuma shi ne wanda ido ba ya kamawa, tun da jimlar tana nan lafiya lau. Haka `rn` ke komawa `m`, `Cl` na sinadarin kulorin ya koma `CI`.

Sauran kurakuran na fassara ne, tushensu kuma yanayin rubutun lacca. Malami ba ya rubuta cikakkiyar jimla a shafin majigi. Guntaye yake jerawa, bayanin yana bakinsa. Injin fassara kuwa da kalmomin da ke kewaye yake zaɓar ma'ana, idan babu su sai ya karkata ga ma'anar da ta fi yawa a rubutun da ya koya. Saboda haka `culture` kan zama al'ada, alhali ana nufin renon ƙwayoyin cuta daga samfurin jini a ɗakin gwaji. `trough` kan iya zama kwamin shayar da dabbobi, alhali ana nufin mafi ƙarancin adadin magani a jini dab da ba da allura ta gaba. `Gram` kuwa sunan mutum ne, Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmark da ya fito da hanyar rina bakteriya a 1884. Babu ruwansa da awon nauyi.

Rarrabe su ba wuya. Idan kalmar Hausar da ta fito ma'ana ce ta gaskiya ta kalmar da ke kan shafin, sai dai ba ta wannan fanni ba, laifin fassara ne. Idan ba ta da wata alaƙa da abin da ke hoton, ko lamba da ma'auni suka canza, laifin karatu ne.

Gyara yana farawa daga nan. Wanda zai iya samun fayil ɗin laccar daga malami ko wakilin aji ya tsallake matakin karatu gaba ɗaya, muddin rubutun cikinsa ana iya kwafarsa. In dole sai hoto, a ɗauke shi daga gaba sosai, shafin ya cika fuskar waya. Sannan a fitar da rubutun Turancin shi kaɗai, a gwada shi da hoton layi bayan layi, musamman lambobi, ma'aunai da gajerun kalmomi. Bayan haka a mayar da kowane guntu cikakkiyar jimla, a warware `+ve` da `neg.`, a ambaci fannin, kafin a fassara.

Akwai dabarar da mutane suka yarda da ita fiye da kima, wato mayar da fassarar Turanci don a gani ko ta dawo daidai. “Al'adar jini” za ta koma `blood culture` cif, mai dubawa ya samu natsuwar ƙarya.

Inda Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma ba, ya fi aminci a bar asalin kalmar a rubuta bayaninta a gefe, a kuma ajiye jerin irin waɗannan kalmomi na kowane darasi, wanda malamin fannin ya duba. Ɗalibin da zai shiga ɗakin marasa lafiya zai ga `trough` ne a takardar sakamakon gwaji, kuma da ita za a tambaye shi a jarrabawa.