In an rufe maka shago a Marketplace, kada ka buɗe sabon asusu

Duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato, kukan ɗaya ne daga Nima har Zangon Kumasi: “Facebook sun rufe mini kasuwa, ban yi komai ba.” Sau da yawa kuwa an yi, ba a dai sani ba ne. Dokar Marketplace ta hana tallar dabba mai rai, ta hana magunguna da abin da ake sha don ƙarin lafiya ko ƙarfi. Ke nan ragon layya, maganin basir da kayan mata, da muke ɗauka halastacciyar sana'a, duk laifi ne a can.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa da turare, tana da talla 40, uku a ciki na kayan mata. Da farko za a sauke ukun nan. In ta sake ɗora su da wani suna, tana iya wayar gari an hana ta shiga Marketplace gaba ɗaya, atamfar ma ta tafi. To me ya kamata ta yi?

Ta fara duba Support Inbox ta ga wace talla aka kama da dalilin kamun. In da sauran irinta, ta goge. Sannan ta danna Request Review sau ɗaya, ta faɗi gaskiya a taƙaice: ga abin da na saka, na cire, ga abin da nake sayarwa. In asusun ne dungurungum aka dakatar, tana da kwana 180 na ɗaukaka ƙara, bayan haka an rufe ke nan. Nan ne “Hajiya Mai Turare” ke zama matsala, don in an nemi katin shaida, sunan da ke kan Ghana Card ake so ya dace da na asusun.

Abin da muke roƙon 'yan kasuwarmu su guje wa shi ne buɗe sabon asusu da lamba ɗaya a waya ɗaya. Wannan ma karya doka ce, kuma sabon yakan bi tsohon. Haka yaran da ke cewa a turo sidi 200 ta MoMo su “buɗe” asusu. Ba su da mabuɗin. Wanda ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka a waya, asusun yake son kwashewa.

In kuwa ba a rufe ba, masu tambaya ne suka ragu, kada a maimaita talla ɗaya sau biyar, hakan na iya jawo kamu. Bayan kwana 7 akwai damar sabunta tsohuwar.

Shagon nan na haya ne, mai gida kuma ba ya ba da notis. Duk wanda ya saya a wurinka, rubuta lambarsa a littafi tun yau.