Waiwaye: Hoton allo yana wurin kwamfutar da ta ji madanni

A 2020, lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda korona, 'yan kasuwar Potiskum masu hulɗa da Kano sun shiga wani hali. Kaya na tafiya, amma mai lissafi ba ya iya bin su. A lokacin ne na haɗa wa wani dillalin hatsi hanyar da akawunsa zai zauna a shago nan Potiskum, ya shiga kwamfutar lissafinsu da ke Kano ta manhajar Remote Desktop Connection.

Wata Laraba akawun ya kira ni hankali a tashe. Dillalin na son shaidar biyan kuɗin lodin mota guda. Ya buɗe shafin, ya danna Win+PrtScn, allo ya ɗan dushe alamar hoto ya ɗauku, amma ya duba foldar Screenshots da ke cikin Pictures a laftof ɗinsa, babu komai. "Malam, wallahi na ɗauka, da idona na gani," in ji shi. Gaskiya ya faɗa. Hoton na nan lafiya lau, sai dai a Kano yake.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Abin da kake gani ta wannan manhaja kamar leƙe ne ta taga: idonka na nan, ɗakin na can. Duk madannin da ka taɓa, ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ce za ta karɓe shi, kuma wadda ta karɓa ita ke ajiye fayil. A yadda manhajar take zuwa, idan tagar ta cika allo, madannan da ake haɗawa da Win can nesa suke tafiya. Idan ka rage tagar, taka ce ke karɓa. Akawun ya cika allo, saboda haka Kano ce ta ji. Ana sauya wannan kafin a haɗa, a shafin Local Resources, ƙarƙashin Keyboard, a zaɓi On this computer in ana so hoto ya riƙa zama a gida.

Na ce masa ya bar lalube, ya fara tambayar kwamfutar sunanta. Ya buɗe Command Prompt a cikin tagar, ya rubuta:

```
hostname
```

Sai sunan kwamfutar Kano ya fito. Ya rage tagar ya maimaita a laftof, wani suna dabam ya fito. Daga nan ya daina rikita su, domin dukkansu fuskar Windows iri ɗaya gare su, har hoton bango. Ya koma cikin tagar, ya buɗe Pictures, ga hoton a Screenshots da lokacin da ya ɗauke shi.

Saura kawo shi Potiskum. Ya kwafi fayil ɗin da Ctrl+C, ya rage tagar, ya manna da Ctrl+V a laftof. Wannan yana aiki ne idan an yi wa Clipboard alama a wancan shafi na Local Resources, kuma mai kula da kwamfutar can bai toshe ba. In mannawa ta ƙi, nan za a fara dubawa. A kuma sani cewa a Windows na lokacin, PrtScn shi kaɗai sau da yawa ba ya haifar da fayil ko kaɗan. Yana riƙe hoton ne na ɗan lokaci, sai an manna shi a Paint an adana. Wanda ya kwafi wani abu kafin hakan zai iya rasa shi.

Ɗalibai masu gwada Linux a cikin VirtualBox su ma wannan ƙa'ida ce ke bin su. Idan manhajar da ke cikin injin kwaikwayon ce ta ɗauki hoton, yana cikin faifan injin, wanda a idon laftof fayil ɗaya ne babba, kuma bincike daga waje ba zai gano shi ba. Idan kuwa aka danna Ctrl na dama tare da E, VirtualBox ce da kanta ke ɗauka, ta tambaye ka inda za ta ajiye a ainihin kwamfutarka.

Abin da ya fi damuna a ranar shi ne abin da muka tarar a foldar Kano: hotunan lissafi da lambobin asusun abokan ciniki, waɗanda akawun ya ɗauka a makonnin baya ya zaci sun ɓata. Duk wanda ya zauna gaban waccan kwamfuta zai iya buɗe su. Amanar mutane ce wannan. Saboda haka kafin ka ɗauki hoton allo a irin wannan aiki, ka san kwamfutar da za ta karɓa. Bayan ka kwaso shi, ka koma can ka goge, ka kuma share Recycle Bin na can, domin ita ma tata dabam ce.