Kafin a ƙara fanel, a fara kafa sandar atin

Da damina ta kankama a Gusau, Tsafe da Bungudu, masu shagon cajin waya kan dogara da sitabilaiza don kare kayansu daga tsawa. Wannan kuskure ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar NEPA ce idan ta yi ƙasa ko sama, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta motsa. Wutar aradu kuwa takan shigo ta gama ɓarna cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ba sai ta faɗa kan shagon ba; ko kusa da layin Kaduna Electric ta sauka, tana iya biyo kebul har cikin soket.

A ɗauki shago a Tsafe mai inbata, fanel huɗu da wayoyin mutane hamsin a kan caji. Abin da yake buƙata shi ne na'urar SPD a akwatin rarraba wuta, irin mai rubutun Type 2 da Uc 275V. Aikinta shi ne karkatar da wutar da ta wuce kima zuwa ƙasa. Kebul ɗin da ke haɗa ta kada ya wuce santimita 50 gaba ɗaya, domin tsawonsa yana rage kariyar. Ɓangaren sola ma yana buƙatar tasa SPD ɗin ta DC. Idan 'yar tagar da ke jikinta ta koma ja daga kore, ta mutu, sai a canza.

Amma SPD ba ta da inda za ta zubar da wutar idan babu atin mai kyau, kuma a nan ne aka fi yin ha'inci. Guntun rodi da aka soka a bayan shago ba atin ba ne. Ana kafa sanda mai rufin tagulla, a haɗa ta da kebul mai kauri, sannan a auna da mita. Abin da ake nema shi ne ƙasa da ohm 10. A wuri mai duwatsu, kamar kewayen Kwatarkwashi, sanda ɗaya ba lallai ta isa ba. Sai a ƙara wasu, a bar tazarar aƙalla tsawon sanda a tsakaninsu, a haɗe su. Da rani ya kamata a yi awon, lokacin da ƙasa ta bushe. Gishirin da ake zubawa a ramin yana gyara awon na ɗan lokaci, amma yana cin sandar.

Duk da haka, babu SPD irin wannan da za ta tare aradun da ta faɗo kai tsaye. Kashe makunni ma bai wadatar ba, don wutar tana tsallake ɗan gibin da ke cikinsa. Idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10. A lokacin sai a zare filogi da kebul ɗin dish. Cinikin awa ɗaya da aka rasa bai kai biyan wayoyi hamsin ba.