Ra'ayinmu: Ɗabi'ar da Muke Shukawa da Hannunmu

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Mu malamai muna yawan fakewa da wannan karin magana idan yaro ya gagare mu, mu ce haka Allah ya yi shi, mu kakkaɓe hannu. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, yawancin abin da muke kira hali a cikin aji sabo ne, kuma sabo yana da abin da yake ciyar da shi. Wanda ya gano abincin ya sami hanyar gyara.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani a kan haka, wanda za mu kira koyo ta hanyar sakamako. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa sa kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Da farko sai ta yi ta yaƙushi barkatai har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa tsautsayi. Da aka yi ta maimaitawa, motsin da ba ya buɗe ƙofa ya ragu, wanda yake buɗewa ya zauna. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan aiki da ɓeraye da tantabaru, ya fitar da littafinsa na farko a kai a 1938. Ƙa'idar gajera ce: aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa nan take yakan ƙaru, wanda ya daina samun sakamako yakan dusashe. Sakamako mai daɗi iri biyu ne, ko dai mutum ya sami abin da yake so, ko ya kuɓuta daga abin da ba ya so. Kuma ba niyyar mai bayarwa ce ke nuna cewa abu lada ne ba. Ma'auni ɗaya ne kawai: idan aikin ya ƙaru bayansa, to lada ne, ko da sunansa tsawa.

Binciken da ya fi shafar mu shi ne wanda Skinner da Charles Ferster suka tattara a 1957. Sun nuna cewa tantabarar da ake ba hatsi duk lokacin da ta yi sara takan haƙura da wuri idan aka tsayar da hatsin. Amma wadda aka saba ba ta jefi-jefi, ba ta san saran da zai kawo ba, takan daɗe ƙwarai tana sara bayan hatsin ya yanke. Dalilin a fili yake: ta farko tana gane canji nan da nan, ta biyu kuwa ta riga ta saba da saran banza kafin a dace.

Duk wanda ya taɓa cefane ran Lahadi a kasuwar Mai'adua ya ga wannan da idonsa. A ɗauki mai sayar da gero a rumfarsa. Mai saye ya taya tiya, ya ce albarka, mai saye ya juya zai tafi. Sau uku mai gero ya bar shi ya wuce, a na huɗu kuwa, da yamma ta yi kuma buhu bai taɓu ba, sai ya ƙwala masa kira: dawo, kawo kuɗi. A zatonsa ya tsare farashinsa, tunda sau uku cikin huɗu bai sallama ba. Abin da ya koya wa mai saye dabam ne: juya baya yana biya, sai dai ba kullum ba. Daga ranar wannan mutum ba zai ƙara sayen komai a rumfar ba sai ya yi kamar zai tafi. Maƙwabcinsa da bai taɓa kiran kowa ya dawo ba, masu sayensa sun daina juya masa baya, domin ba su taɓa cin riba a kai ba. Shi kuma yana riƙe su da gyara, wato ɗan abin da yake ƙarawa a bakin kwano bayan an biya. Gyara tana zuwa nan take, tana bin sayen da aka yi ba tare da ja-in-ja ba, saboda haka abin da take ƙarfafawa shi ne dawowa mako mai zuwa. 'Yan kasuwa biyu, hatsi ɗaya, amma kowa ya horar da masu sayensa a kan ɗabi'a dabam.

Yanzu mu shiga aji. A ɗauka Malama tana da aji huɗu na firamare, kuma akwai yaron da ba ya ɗaga hannu, sai dai ya miƙe yana ihu: Malama ni, Malama ni. A darasi ɗaya ya yi haka sau goma sha biyu. Sau tara ta kau da kai. Sau biyu ta daka masa tsawa ta kira sunansa. Sau ɗaya, da ta ga ba wanda ya san amsar sai shi, ta ce to faɗi. Idan aka tambaye ta za ta ce ba ta biye masa. Lissafi kuwa ya nuna ya sami hankalinta sau uku cikin goma sha biyu, ɗaya bisa huɗu ke nan, daidai da mai sayen gero. Tsawar ma tana cikin ladan, domin a ajin da ya cika maƙil, yaron da aka kira sunansa ya fi wanda ba a san yana nan ba. A 1968 Charles Madsen da Wesley Becker da abokan aikinsu sun gwada wannan a wani ajin firamare a Amurka: da malamai suka ƙara yawan cewa zauna, sai yara suka ƙara yawan tashi, da suka koma yabon waɗanda suke zaune suna aiki, tashin ya ragu.

Akwai ɓangaren da ba mu cika dubawa ba. Ita ma Malama ana horar da ita. Duk lokacin da ta yi tsawa, aji yakan yi tsit na ɗan lokaci, ta huta da hayaniya. Wannan hutu lada ne gare ta, don haka gobe tsawar za ta fi saurin fitowa. Haka bulala take kama hannun malami. Tana tsayar da abu nan take, malami ya ga kamar ta yi aiki, alhali ba ta nuna wa yaro abin da zai yi a madadin laifin ba. Abin da yaro yakan koya shi ne ya kiyaye idan mai bulala yana nan, ko ya guje wa wurin baki ɗaya. A garin da kasuwa take bai wa yaro ɗan kuɗin dako a hannu a ranar da ya yi aikin, makarantar da ba ta da abin bayarwa sai duka ta san wanda zai ci gasar.

Gyaran yana da matakai, kuma ba ya cin ko kwabo. Na farko ƙirga: kwana uku Malama ta riƙa jan layi a gefen allo ko a bayan rajista duk lokacin da yaron ya yi ihu, ba tare da ta canza komai ba, ta kuma lura da abin da ya biyo bayan kowane ihu. Na biyu, ta gaya wa aji doka ɗaya a fili: wanda ya ɗaga hannu yana zaune shi ake kira. Na uku, ta yanke ladan ihu gaba ɗaya, ba kallo, ba suna, ba tsawa, ko da amsarsa ce daidai. Na huɗu shi ne ginshiƙi: ranar da yaron ya ɗaga hannu, ko rabin ɗagawa ne, ta kira shi a take, ta faɗi abin da ya yi, wato ka ɗaga hannu, bismilla. A makon farko ta kira shi kusan duk lokacin da ya ɗaga. Idan ɗabi'ar ta kama, sai ta rage zuwa jefi-jefi. Ta haka ƙa'idar da ta raya ihun za ta koma raya ɗaga hannu.

Inda yawancinmu muke faɗuwa shi ne kwanakin farko. Idan aka yanke lada, aiki yakan ƙaru kafin ya ragu. Mai sayen da aka daina kira yakan yi nisa fiye da da, ya tsaya yana waiwaye. Yaron da yake ihu sau goma sha biyu yana iya kaiwa ashirin, ya haɗa da buga benci. Wannan alama ce cewa an taɓa abincin ɗabi'ar. Malamar da ta gaji a nan ta amsa masa ta koya masa darasi mafi muni: ƙaramin ihu ya daina biya, babba ne yake biya. Gara ba a fara ba da a tsaya a wannan gaɓa. Haka kuma bayan hutun zango tsohuwar ɗabi'a takan leƙo, amma idan ba ta sami komai ba ba ta daɗewa.

Idan an yi mako biyu layukan ba su ragu ba, a koma kan lissafi, domin wataƙila an yi kuskuren gane ladan. Watakila dariyar 'yan aji ce yake nema, kau da kan Malama ba zai taɓa ta ba, sai an yaba wa layin da ya ci gaba da aiki bai kula shi ba. Wataƙila kuma kora yake nema: yaron da bai iya karatu ba, idan ya gane cewa tashin hankali yana fitar da shi waje kafin layin karatu ya zo kansa, to kora ta zama masa gyara. Maganinsa a koya masa karatun, a ba shi aikin da zai iya.

Hanyar tana da iyaka. Ba a kau da kai ga duka, ko jifa, ko cin zalin ƙarami. Waɗannan ana tsayar da su nan take. Yaron da bai karya kumallo ba, ko ba ya gani daga bayan aji, ko kunnensa yana ciwo, yabo ba zai warkar da shi ba. Kyauta ma tana da nata hatsari. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun nuna cewa yaran da suke son zane, da aka yi musu alkawarin lambar yabo a kansa, daga baya sun rage yin zanen don kansu. Saboda haka a bar alewa da biskit, a riƙe yabon da yake faɗin abin da aka yi daidai, musamman a kan aikin da yaro yake yi da son ransa.

Abu na ƙarshe ya fi ƙarfin malami ɗaya. Idan malamin lissafi ya yanke ladan ihu, malamin Hausa kuma yana amsawa, makarantar da kanta ta zama mai gero da yake kiran mai saye sau ɗaya cikin huɗu. Don haka muna kira ga shugabannin makarantu da wakilan ƙungiya a kowace makaranta su ware rabin sa'a a taron malamai na gaba. A zaɓi ɗabi'a ɗaya tak, a yarda da abin da kowa zai yi idan ta faru da abin da zai yi idan aka yi kishiyarta, a ƙirga kwana uku kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan mako biyu. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga makarantar da ta gwada, ko lambobinta sun sauka ko ba su sauka ba.