Rumbun da Ya Ƙi Buɗewa Ya Fi Mu Gaskiya

A ƙarshen 2023, wata ƙaramar kafar labarai da nake rubuta wa rahotanni ta wayi gari shafinta ba ya buɗewa. Ba kutse aka yi mata ba, ba kuma wuta ce ta lalata na'ura ba. Matashin da ke kula da sabar ne ya sabunta manhajoji da daddare, kamar yadda ya saba, ya tafi ya kwanta. Rumbun bayanan da ke ɗauke da labaran shekaru da sunayen masu biyan kuɗi, wato PostgreSQL da ke aiki a cikin Docker, ya yi yunƙurin tashi, ya rubuta layi biyu, ya koma ya kwanta shi ma:

```
FATAL:  database files are incompatible with server
DETAIL:  The data directory was initialized by PostgreSQL version 15, which is not compatible with this version 16.0.
```

Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: siga ta 15 ce ta shimfiɗa waɗannan fayiloli, ni kuwa ta 16 ce, ba zan taɓa su ba. A ofis ranar kowa manhajar yake zagi, har da ni. Daga baya, da na zauna da waɗanda suka san aikin, ra'ayina ya sauya, kuma shi nake so in kare a nan: ƙin tashin nan shi ne abu mafi hankali da aka yi a daren, kuma haɗarin gaskiya yana cikin sa'a guda da ke biyo bayansa, lokacin da mutum a ruɗe yake neman ko ta halin ƙaƙa ya ga saƙon ya ɓace.

Sai mun san abin da ke cikin foldar bayanan kafin mu yi wa manhajar adalci. Kayan ciki iri biyu ne. Akwai bayanan kansu, layukan labarai da sunaye da ranaku. Akwai kuma kundin tsari, wanda a cikinsa PostgreSQL ke rubuta wa kanta cewa tebur kaza yana cikin fayil kaza, ginshiƙinsa na uku kwanan wata ne, wane ne ke da izinin karanta shi. Fayilolin bayanan ko sunan tebur ba sa ɗauke da shi, lambobi ne kawai, don haka in babu kundin nan ba su da ma'ana. Yadda ake ajiye bayanan kansu ba kasafai yake sauyawa ba. Kundin tsarin kuwa yakan sauya fasali a kowace babbar siga, domin sabbin abubuwan da aka ƙara wa manhajar suna bukatar gurbi a cikinsa. Idan siga ta 16 ta karanta kundin 15 da idonta, za ta ɗauki wani gurbi a matsayin wani, kuma in ta fara rubutu bisa wannan kuskuren fahimta, ɓarnar ba za ta yi ƙara ba. Sai bayan makonni a tarar da ita, lokacin da ajiyar ko-ta-kwana ma ta riga ta kwashi gurɓataccen.

Shi ya sa abin da sabar ke fara yi idan ta tashi shi ne duba wani ɗan fayil mai suna `PG_VERSION`, wanda lamba ɗaya ce rak a cikinsa. In lambar ba tata ba ce, ta tsaya nan. Ba ta goge komai ba, ba ta sauya komai ba. Duk wanda ya ga saƙon nan, bayanansa suna nan cif kamar yadda suke jiya.

To, ta yaya aka je 16 ba tare da kowa ya yanke shawarar zuwa ba? Tun daga siga ta 10, a 2017, lambar farko ita ce babbar siga, ta bayan ɗigo kuwa ƙaramin gyara ce. Daga 15.3 zuwa 15.4 sauya manhajar kawai ake yi a sake tayar da ita, foldar ba ruwanta. Daga 15 zuwa 16 kuwa ƙaura ce. A fayil ɗin saitin kafar nan an rubuta `postgres:latest`, wato a ba ni duk wadda ta fi sabunta. Kusan shekara guda wannan kalma tana nufin 15, gyare-gyare suna ta shigowa lami lafiya, har kowa ya manta da ita. Da 16 ta fito a watan Satumba na 2023, kalmar ta koma nufin 16, alhali ba wanda ya taɓa fayil ɗin. Matashin bai yi wani abu da ya bambanta da na watan jiya ba. Ma'anar abin da ya rubuta ce ta sauya a bayan idonsa. Da `postgres:15` aka rubuta, da ƙananan gyare-gyaren sun ci gaba da zuwa, babbar ƙaurar kuma ta jira ranar da aka shirya mata.

Shawarwari biyu suka fito da safiyar nan, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Ta farko: a buɗe `PG_VERSION` a mayar da 15 ta zama 16. Wannan sauya lambar mota ne da fatan injin zai sauya. An yi sa'a akwai shinge na biyu, fayil ɗin `global/pg_control`, wanda ke riƙe da lambar fasalin kundin, don haka sabar za ta sake ƙi. Ta biyu ita ce mai kisa: a share komai a tayar da sabo. Umarnin `docker compose down -v` yana yin haka, harafin `v` ɗin nan shi ke goge ma'ajiyar da foldar ke ciki. Saƙon kuskuren zai ɓace kuwa, rumbun zai tashi garau, fanko. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wata injiniya da aka kira ta waya ce ta hana, kuma abin da ta sa aka yi bai kai minti biyar ba: a mayar da lambar zuwa `postgres:15`, a tayar. Shafin ya dawo, ba a rasa ko harafi ɗaya ba.

Ƙaurar ta gaskiya an yi ta bayan mako guda, ta hanya mafi tsufa. An dakatar da shafin don kada wani ya yi rubutu a tsakiyar aiki, sannan aka sa tsohuwar sabar, wadda ita ce ta iya karanta foldar, ta zazzage komai a fayil ɗin rubutu guda:

```
docker compose exec -T db pg_dumpall -U postgres > duka.sql
```

Daga nan aka tayar da 16 a kan sabuwar ma'ajiya wadda babu komai a ciki, aka zuba mata fayil ɗin da `psql`, aka ƙirga layukan manyan tebura a ɓangarorin biyu har suka yi daidai. Tsohuwar ma'ajiyar ba a taɓa ta ba, an bar ta makonni, saboda muddin tana nan komawa baya sauya lamba ɗaya ne. Ga rumbu mai 'yan gigabait wannan ya wadatar. Iyakarsa lokaci ne: dole a sake rubuta kowane layi, a sake gina kowace fihirisa, don haka babban rumbu yana iya cin yini ko fiye, shafi kuma a rufe.

Domin manyan ne aka yi `pg_upgrade`. Dabararsa daga bambancin da muka faɗa a sama ta fito: yana gina sabon kundin tsari, ya ɗauko tsofaffin fayilolin bayanai yadda suke. Yana da `--check`, wanda ke bincika ko ƙaurar za ta yiwu ba tare da ya sauya bayanai ba, kuma ban ga hujjar tsallake shi ba. Yana da `--link` kuma, wanda maimakon kwafe fayilolin yake sa sabuwar folda da tsohuwa su yi tarayya a kansu, sai aikin sa'o'i ya koma na mintuna. Amma a kula da farashin. Da zarar an tayar da sabuwar sabar ta fara rubutu, tsohuwar foldar ta tashi daga aiki, domin fayilolin nata ne aka sauya. Wanda ya bi wannan hanya ba tare da ajiyar da ya gwada mayarwa ba ya kona gadar da ya hau.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar da mutane ce. Suna kawo misalin MySQL, wadda tun daga 8.0.16 sabar da kanta take sabunta foldar idan ta tashi. Hujja ce mai nauyi, kuma ba zan ce ba su da gaskiya a komai ba. Saƙon PostgreSQL yana faɗin ciwo ba ya faɗin magani. Da ya ƙara layi ɗaya cewa bayananka lafiya lau suke, koma tsohuwar siga, da ma'ajiyoyi da yawa sun tsira. Sannan `pg_upgrade` yana bukatar manhajar tsohuwar siga da ta sabuwa a wuri guda, alhali kunshin Docker na hukuma siga ɗaya yake ɗauke da ita, wanda ya sa hanya mai sauƙi a kan takarda take zama jidali a aikace. Waɗannan koke-koke ne na haƙiƙa.

Sai dai a mayar da labarin daren nan kan manhaja mai sabunta kanta. Matashin ya tafi barci, sabar ta tashi ta sauya foldar ba tare da an ɗauki ajiya ba, ba tare da an gwada ko manhajar shafin ta dace da sabuwar sigar ba. Idan da safe aka ga wani abu ya karye, ina za a koma? A MySQL ɗin ma, saukowa daga 8.0 zuwa 5.7 ba abu ne da aka amince da shi ba, sai dai a mayar da ajiyar da aka ɗauka tun kafin. Sauƙin na gaske ne ga wanda ya shirya. Ga wanda ya faɗa ƙaurar bisa kuskure, shi ne yake rufe masa ƙofar komawa. Mu mun rasa safiya ɗaya, kuma mun rasa ta ne muna riƙe da komai namu.

Wannan ba izini ba ne na zama a tsohuwar siga har abada. Kowace babbar siga shekara biyar ake tallafa mata: ta 13 ta daina samun gyaran tsaro a Nuwamban 2025, ta 14 za ta bi ta a Nuwamban 2026, ta 15 a Nuwamban 2027. Kuma ƙaurar ba ta daina fito da sabbin tarko ba. Siga ta 18, ta Satumban 2025, tana kunna lambobin tantance lafiyar bayanai a kowace sabuwar folda kai tsaye, `pg_upgrade` kuwa ba ya yarda sai foldodin biyu sun yi daidai a wannan saiti. Wanda tsohon rumbunsa ba shi da su sai ya shimfiɗa sabuwar foldar da `--no-data-checksums`, ko ya kunna su a tsohuwar tukuna. `--check` zai gaya masa haka da rana tsaka, tun shafinsa yana aiki.